Caja ta Asali ko Jabu? Abin da Mai Saye Zai Duba Kafin Ya Miƙa Kuɗi

Duk wanda ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ko layin Beirut, ko Banex a Abuja, ya ce yana neman cajar Samsung, da wuya a miƙo masa guda ɗaya. Biyu ko uku za a jera masa a kan gilashi. Wannan orijinal ce, in ji mai kaya, wannan kwafi ce amma mai kyau, wannan kuwa daga kwalin waya aka ciro ta. Launinsu ɗaya, sunan da ke jikinsu ɗaya, girmansu ɗaya, kuɗinsu ne kawai ya sha bamban. Mai saye ya juya wannan ya juya waccan, a ƙarshe ya ɗauki ta tsakiya don kada a ce ya yi rowa, kada kuma a ce an cuce shi.

Cinikin caja ya ƙara zafi ne tun da manyan kamfanoni suka daina saka ta a kwali. Apple ne ya fara a watan Oktoba na 2020 da fitowar iPhone 12, Samsung ya bi sahu a farkon 2021 da Galaxy S21, daga baya abin ya gangaro har kan wayoyinsa masu matsakaicin kuɗi. Mutum ya sayi sabuwar waya, ya buɗe kwali ya tarar da igiya kawai, babu kan caja. Dole ya koma kasuwa, kuma masu buga jabu sun san da zuwansa.

Ba a kasuwanninmu kaɗai abin ya tsaya ba. A shekarar 2016 Apple ya kai wani kamfani ƙara a Amurka, inda ya bayyana cewa cikin cajoji da igiyoyin da ya saya a Amazon da sunan nasa ne, kusan kashi 90 cikin 100 jabu ne. Idan haka ta faru a shagon da ya fi kowane girma a intanet, babu mamaki ta faru a teburin bakin titi. Kuma sau da yawa mai teburin shi ma bai san abin da ke hannunsa ba, domin a katan ya sari kayan daga dila, dila kuma daga wani dilan.

Mene ne ake ɓoyewa a ciki?

Kafin a zo kan dabarun dubawa, yana da kyau a san abin da ake tsoro. Wutar da ke fitowa daga soket a Najeriya bolt 230 ce. Waya kuwa bolt 5 take sha, ko 9 idan tana cajin sauri. Aikin wannan ɗan akwatin roba shi ne ya karɓi babbar wuta ya mayar da ita ƙarama. A cikinsa wutar kan fara hawa sama da bolt 300, sannan a riƙa datsa ta sau dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya, a bi da ita ta wani ɗan ƙaramin taransifoma, ta fito ɗaya ɓangaren a matsayin wutar da hannu zai iya taɓawa ba fargaba.

Saboda haka cikin kowace caja akwai ɓangare biyu: na wutar da ke kisa, da na wutar da ke tafiya zuwa wayar da mutum ke karawa a kunne. Abin da ya raba su tazara ce ta 'yan milimita a kan allon da aka jera kayan, da kuma rufin da ke jikin zaren taransifoma. A nan ne mai buga jabu ya fi rage kashe kuɗi, domin wuri ne da ido ba ya kaiwa.

Wani injiniya mai suna Ken Shirriff ya taɓa farke cajar iPad ta asali da ta jabu a 2014, ya auna su gefe da gefe. A ta asalin, tazarar da ke tsakanin ɓangarorin biyu ta kai milimita 5.6. A ta jabun milimita 0.6 ce kacal, wato ba ta kai kaurin katin cire kuɗi na banki ba. Ɗan gumi, ko laimar damina, ko ƙurar hunturu da ta taru a ciki, na iya haɗe wannan tazara. Kuma duk da an rubuta wat 10 a jikinta, da ya auna sai ya ga ko wat 6 ba ta cika bayarwa.

A 2016 hukumar kula da ingancin kaya ta Birtaniya ta bayyana sakamakon wani gwaji da kamfanin UL ya yi. An sayo cajojin iPhone na jabu guda 400 daga ƙasashe takwas, aka gwada ko rufinsu zai iya tare wuta mai ƙarfi. Uku ne kawai suka ci jarrabawar. Kafin wannan, a watan Yuli na 2013, wata ma'aikaciyar jirgin sama 'yar shekara 23 ta rasu a ƙasar Sin bayan wuta ta ja ta tana amsa kira waya na jone. Rahotanni sun danganta abin da cajar da ba ta kamfani ba, har Apple ya buɗe wani shiri a wata mai bi masa, na karɓar cajojin da ake shakka a kansu ya ba da tasa a kan dala 10.

Ba kowace jabu ce ke kisa ba, gaskiya ne. Mafi yawansu ɓarnarsu a hankali take zuwa: wutar da ba ta tsaya daidai ba, batir mai zafi, da kayan caji na cikin waya da ke ƙonewa har sai an dangana da mai gyara. Amma wanda zai bar caja a jone duk dare kusa da katifa, a ɗakin da yara ke kwana, yana da hakkin ya san abin da ya shigo da shi gida.

Lissafin da ke jikin caja

A ɗauki misali guda a bi shi daki-daki. Mutum yana riƙe da Galaxy A54, wayar da batirinta ke ɗaukar 5000mAh, wadda kuma aka ƙera ta don cajin wat 25. Cajar da Samsung ya daɗe yana sayarwa don irin wannan waya lambarta EP-TA800. Ita ce ɗaya daga cikin waɗanda aka fi kwaikwayo a kasuwa, don haka ta dace da gwaji.

Abu na farko shi ne a cire ta daga kwali a riƙe a hannu. Mai kayan da ya ƙi yarda a buɗe, alhali bai yarda a dawo da kaya ba idan sun ƙi aiki, ya riga ya ba mai saye dalilin wucewa shago na gaba.

A jikin kowace caja akwai ƙananan rubutu, mafi yawan mutane ba sa karantawa. Akwai layin da ya fara da Input, wato wutar da take karɓa, wanda a cajojin manyan kamfanoni yakan nuna 100-240V. Sai layin Output, wato wutar da take bayarwa, kuma nan ne maganar take. Za a ga lamba da harafin V, shi ne bolt, sai wata lamba da harafin A, shi ne amfiya. Idan aka ninka su biyun, sai a sami wat:

```
V × A = W
9 × 2.77 = 24.93
```

A jikin EP-TA800 ta gaskiya an rubuta 5V da 3A, sannan 9V da 2.77A. Na farko ya ba da wat 15, na biyu ya ba da kusan wat 25, daidai da abin da kwali ya yi alkawari. Akwai kuma ƙarin layi mai ɗauke da haruffan PPS, wanda shi ne tsarin da wayoyin Samsung ke buƙata kafin su yi caji mafi sauri. To, idan kwali ya ce 25W da manyan baƙaƙe, amma jikin cajar ya ce 5V da 2A kawai, lissafi ya tsaya a wat 10. An gama magana, ba sai an jona ba. Wayar da ke aljihu tana da kalkuleta, kuma wannan ninkawa ba ta cin rabin minti.

Sai a dubi ramin da igiya ke shiga. EP-TA800 rami ɗaya gare ta, ɗan ƙarami mai zagayayyen gefe, wato USB-C. Duk wadda aka rubuta wa wannan lamba amma raminta faffaɗa ne irin na da, ko tana da rami biyu ko uku, ba daga masana'antar Samsung ta fito ba. Haka ma cajar Apple mai wat 20: rami ɗaya ne na USB-C, kuma lambobinta 5V da 3A, sai 9V da 2.22A. Lambar samfurin da ke jikin caja ya kamata ta dace da wadda ke kan kwali, haka ma ƙasar da aka ce an ƙera ta.

Rubutun kansa yana magana. Na asali siriri ne, layukansa a miƙe, kuma yatsa mai ɗan laima ba ya goge shi. Na jabu yakan yi kauri, ko ya yi dishi-dishi, ko ya karkace, wani lokaci a sami harafin da ya ɓace a cikin kalma. A cajojin Apple akwai jimlar Designed by Apple in California, kuma an sha ganin jabun da suka kuskure wajen rubuta ta. Sai dai kada a dogara da tambura irin su CE. Mai injin buga rubutu zai iya buga kowane tambari, ba ya biyan ko sisi. Rashin tambari alama ce ta matsala, amma samuwarsa ba shaida ba ce.

Ƙafafu, nauyi da haɗin roba

Soket ɗin da aka fi amfani da shi a Najeriya da Ghana irin na Birtaniya ne mai ƙafa uku, kuma yana da ƙa'idoji da ido zai iya gani. Ƙafar sama ta fi sauran tsawo, ita ce ke buɗe ƙofofin soket. A caja ba laifi ba ne idan wannan ƙafa ta roba ce. Ƙafafu biyu na ƙasa kuwa dole ne rabinsu na kusa da jiki ya kasance a rufe da roba, domin kada yatsa ya taɓa ƙarfe mai wuta lokacin cirewa. Tsakanin waɗannan ƙafafu da gefen cajar kuma ƙa'ida ta ce a bar aƙalla milimita 9.5, kusan kaurin biro ke nan. Cajar da ƙafafunta suka matso bakin gefe, ko suke tsirara tun daga tushe, ta saɓa ƙa'ida ko da wane suna ke jikinta.

A Nijar da Kamaru da Chadi mai ƙafa biyu zagayayyu ta fi yawa, kuma irinta ta cika kasuwannin Najeriya ma. A nan abin dubawa shi ne tsayin ƙafafun ya zo daidai, kuma kada su yi motsi idan aka girgiza su da yatsa. Ƙafar da ke lilo tun a shago za ta riƙa tartsatsi a soket.

A bi da farce ta wurin da robar sama ta haɗu da ta ƙasa. A ta asali haɗin a lafe yake, babu kaifi, babu tsaga, babu alamar gam. A girgiza ta kusa da kunne, bai kamata a ji wani abu yana kaɗawa ba. A soka igiya a rami, ta shiga da ɗan ƙarfi ta zauna daram.

Maganar nauyi kuwa tana buƙatar hattara. An daɗe ana cewa ta asali ta fi nauyi, kuma haka ne, domin kayan cikinta sun fi yawa, taransifomarta ta fi tagulla. Idan an sami caja sakayau kamar kwalin ashana, a ajiye ta. Amma masu buga jabu sun ji wannan shawara tun tuni. Ƙungiyar Electrical Safety First ta Birtaniya ta farke cajojin jabu masu sunan Apple, ta tarar an manna guntayen ƙarfe a cikin da dama daga cikinsu, ba don wani aiki ba sai don su yi nauyi a tafin hannu. Wannan ƙarfe kuwa haɗari ne na biyu, domin idan ya ɓalle yana iya haɗe ɓangaren babbar wuta da na ƙarama. Don haka rashin nauyi na iya kayar da caja, amma nauyi kaɗai ba ya wanke ta.

Gwajin minti goma

Duk abin da aka ambata zuwa nan kamanni ne, kuma kamanni ana iya kwaikwayonsa. Jabun yau sun fi na shekarun baya kyau nesa ba kusa ba, har akwai waɗanda mai gyaran waya ma sai ya buɗe kafin ya rantse. Abin da ya fi wuyar kwaikwayo shi ne aiki, domin aiki kaya masu tsada yake buƙata. Shi ya sa gwaji mafi amfani shi ne a jona a gani, kuma kusan kowane shagon waya yana da soket, ko na wutar gari, ko na janareto, ko na sola.

Mai niyyar sayen caja ya fito daga gida da batirinsa ƙasa da kashi 30 cikin 100. Wannan yana da dalili: waya tana jan wuta da ƙarfi ne idan batir ya yi ƙasa, tana kuma rage ja da kanta idan ya doshi cika. Wanda ya zo da kashi 85 ba zai ga bambanci tsakanin mai kyau da maras kyau ba. Ya kuma zo da igiyarsa wadda ya yarda da ita, domin a san cewa kan cajar ake gwadawa.

Da an jona EP-TA800 ta gaskiya da A54, fuskar wayar za ta nuna Super fast charging, tare da ƙiyasin lokacin da ya rage ta cika. Idan ta nuna Fast charging kawai, wutar da ke shiga ba ta wuce wat 15 ba. Idan Charging kawai ta nuna, cajar talaka ce aka sa wa riga. Sharaɗin shi ne cajin sauri ya kasance a kunne a saitin batir na wayar, domin akwai masu kashe shi su manta.

Sai dai wannan rubutu ma ba shi ne ƙarshe ba. Wasu jabun suna ɗauke da ɗan abin da ke gaya wa waya cewa suna da ƙarfin wat 25, waya ta yarda ta nuna rubutun, alhali idan ta fara ja sai wutar ta faɗi. Agogo ne ke tona wannan. Batir mai 5000mAh yana ɗaukar abin da caja mai wat 19 za ta zuba a awa ɗaya cur. Caja mai wat 25, a minti goma, za ta ƙara masa wajen kashi 15 zuwa 20, bayan an cire abin da ke salwanta a zafi. Mai wat 10 ba za ta wuce kashi 8 ba, mai wat 5 kuwa kashi 4 ne iyakarta. To, mutum ya duba lambar batir, a ce tana 20, ya kashe fuskar wayar, ya ajiye ta, ya yi hira da mai shago. Bayan minti goma, idan ya ga 36 ko 38, cajar ta yi abin da ta faɗa. Idan 25 ya gani, kwali ya yi ƙarya. Wanda ke sauri zai iya yin minti biyar ya raba lambobin gida biyu, ko da yake sakamakon bai kai na goma tabbas ba.

Akwai abu ɗaya da kan ɓata wannan gwaji a ƙasarmu, wato zafi. Wayar da ta sha ranar Afrilu a aljihu, ko aka gama kallon bidiyo da ita, tana rage jan wuta don ta kare batirinta. Idan bayanta ya yi zafi, a bari ta huce a inuwa kafin a jona, don kada a ɗora wa caja laifin da ba nata ba.

A cikin waɗannan mintuna akwai sauran abubuwan lura. A buɗe wurin rubuta saƙo a ɗan taɓa haruffa waya na jone. Idan fuskar ta fara tsalle, ana taɓa nan tana amsawa can, ko tana danna kanta da kanta, wutar da ke fitowa ba tsaftatacciya ba ce, kuma wannan sananniyar alama ce ta caja maras inganci. A kasa kunne: ƙara mai tsini ko tsitsitsi mai ƙarfi ba alheri ba ne. A taɓa jikin cajar bayan an cire. Ɗumi ba komai ba ne, kowace cajar sauri tana ɗumi. Zafin da yatsa ba zai iya jurewa ba, ko warin roba mai ƙuna, shi ne abin gudu. Idan kuwa aka ji wuta tana tsikarar hannu a gefen ƙarfe na waya, a kashe soket nan take.

Wasu masu gyara suna da ɗan na'ura da ake sokawa tsakanin caja da igiya, tana nuna bolt da amfiya a ɗan gilashinta. Inda aka samu, aikin minti goma ya koma na minti ɗaya: a ga ko bolt ya tashi daga 5 zuwa wajen 9, a ninka da amfiya, a ga ko ya doshi 25. Masu sana'ar cajin waya da masu sarin caja da yawa, su ne suka fi kowa buƙatar mallakar irinta.

A nan akwai adalcin da ya kamata a yi wa 'yan kasuwa. Ba kowace caja da ta ƙi yin sauri ce jabu ba. Kamfanoni irin su Infinix da Tecno da Oppo da Xiaomi suna da nasu tsarin cajin sauri, wanda yawanci sai da kan cajarsu da igiyarsu yake kaiwa ƙarshen ƙarfinsa. Cajar Samsung ta asali na iya yin jan ƙafa a kan wata wayar daban, ba don ta lalace ba sai don yarensu bai zo ɗaya ba. Gwajin yana da ma'ana ne idan an haɗa caja da wayar da aka yi ta dominta.

Igiya ma tana da nata. Jabun igiya zaren cikinta siriri ne, wuta tana raguwa kafin ta isa waya, sai a zargi kan caja. Igiyar USB-C ta yau da kullum tana ɗaukar amfiya 3, wanda ya ishi cajin wat 25. Cajar Samsung mai wat 45 kuwa tana son igiya mai amfiya 5 kafin ta ba da cikakken ƙarfinta. Ga masu tsofaffin iPhone, igiyar Lightning ta Apple tana da rubutu a jikinta kimanin santimita 18 daga kan da ke shiga caja, wanda ya ƙare da lamba mai gurbi 12.

Lambar kankarewa da rasit

Wasu kamfanoni sun sauƙaƙa aikin. Kwalayen Oraimo, wanda ɗan gida ɗaya ne da Tecno da Infinix da itel a ƙarƙashin Transsion, suna zuwa da tambarin da ake kankarewa a tantance lambar a shafin kamfani. Anker ma yana saka irin wannan lamba mai gurbi 16 ko 20 a kayan da ake sayarwa a shaguna. A kankare a gaban mai kaya, kafin kuɗi ya bar hannu. Idan an tarar an riga an kankare, ko shafin ya nuna an taɓa duba lambar sau da yawa, an kwafi lamba ɗaya ne aka buga a kwalaye barkatai. Kuma gara mutum ya rubuta adireshin shafin kamfanin da hannunsa maimakon ya bi duk inda hoton lambar ya kai shi, domin mai buga kwalin jabu zai iya buɗe shafin jabu da zai ce masa komai lafiya.

Batun wadda aka ce an ciro daga kwalin waya yana buƙatar tambaya ɗaya: wace waya? Idan an ambaci iPhone 13 ko Galaxy S23, to waɗannan ba su zo da kan caja ba tun farko. Akwai tsofaffin cajoji na asali da ke shigowa tare da wayoyin gwanjo, kuma da yawansu suna da kyau, amma ba su da kwali, ba su da garanti, kuma jabu na fakewa a cikinsu cikin sauƙi. Gwajin jonawa ya zama wajibi a kansu.

Farashi ma shaida ne. Mai saye ya fara sanin kuɗin cajar a shagon wakilin kamfani ko a shafinsa. Idan aka sallama masa a kan sulusin wannan kuɗi, ya san babu ɗan kasuwar da ke sayar da kaya ƙasa da yadda ya saro. Araha ba ta ado. Sai dai tsada ita ma ba hujja ba ce, domin mafi munin cuta ita ce a sayar da jabu a kuɗin ta asali.

Akwai iyakar da duk waɗannan dabaru ba sa tsallakewa. Caja na iya cin gwajin minti goma, ta ba da wat 25 cif, amma tazarar nan ta ciki ta kasance ƙasa da milimita ɗaya. Babu wanda zai gano haka sai an fasa ta. Abin da ke rage wannan haɗari shi ne inda aka saya. Hukumar SON tana da tsarin SONCAP na tantance kayan da ake shigowa da su Najeriya, amma kowa ya ga abin da ke kan tebura ya san ba duka ke bi ta wannan ƙofa ba. Shi ya sa wanda kuɗinsa bai kai na Samsung ko Apple na asali ba, ya fi masa alheri ya sayi cajar kamfanin da ya sa sunansa na gaskiya a jikin kayansa, yake da ofishi da garanti, a kan ya sayi mai babban suna na aro. Kamfanin da ke da suna yana tsoron ɓacinsa. Mai buga sunan wani kuwa ba shi da adireshin da za a bi.

Idan ciniki ya faɗa, a nemi rasit mai ɗauke da sunan shago da lambarsa da kwanan wata, a kuma rubuta lambar samfurin, wato EP-TA800 a wannan misali, tare da kalmar orijinal idan da wannan sunan aka sayar. A yi yarjejeniyar kwanakin da za a iya dawowa da ita, a rubuta su a jikin rasit ɗin. Yawancin kasuwannin waya suna da ƙungiyar 'yan kasuwa da ke sasanta irin wannan rigima, akwai kuma hukumar kare hakkin masu saye ta FCCPC, amma dukkansu takarda za su fara tambaya. A gida kuma, cajin farko a yi shi da rana, a kan siminti ko tebur, nesa da katifa da labule, mutum yana kusa yana taɓa ta lokaci zuwa lokaci har batir ya cika.